Ngubdo Mai Ƙirga Attarugu

Ranar da Ngubdo ya yi kuka a gaban baƙi goma sha biyu ina wurin, don haka kada wani ya zo ya gaya muku daban. Na kawo buhunan ruwan leda a Kekena mai ƙafa uku zuwa gidan abincin Madam Lois da ke bakin titi a Arawa, ina tsaye kusa da ƙofar kicin ina jira a sauke. Baƙin masu taron bita ne, irin waɗanda suka cika Gombe a shekarun nan da katin wuya da farar mota. Girkin ranar, wanda aka rubuta a allo da alli, farfesun tarwaɗa ne. Wata mata daga cikinsu ta tambaye shi ko akwai yaji. Ya ce, "Babu, Hajiya. Ɗan ƙamshi ne kawai."

Cokali biyu ta yi ta fara tari tana fifita baki da takardar taro. Ta ce ya yaudare ta. To Babarbare da jin kai, maimakon ya ba da haƙuri ya ɗauke kwano, sai ya zaro cokali mai tsabta daga aljihun rigarsa, ya ce a gafarce shi, ya ɗebi romon ya kurɓa don ya nuna mata. Na ga wuyansa ya miƙe. Sai shaƙuwa. Sai hawaye da majina tare. Ya dafe ciki ya durƙusa, faranti ya suɓuce ya yi ta zagaye a kan tayil kamar ba zai tsaya ba. Matar da ya ƙona wa baki ita ta miƙo masa ruwanta.

A hanyar gida na ɗauko shi, kuma ban raga masa ba. Ni Bamanga, Bafulatani ne, shi Babarbare, tun kakanni abokan wasa muke, an halatta mini shi. Na ce, "Bawana, yau ka yi wa mutanenka talla. Da ma haka mazan Borno suke, romon kifi ke kayar da su?" Muka shiga unguwarmu, Bagadaza. Da zai sauka ne ya ce, "Fulata, wata takwas ina aikin nan, yau na fara sa abincinsu a bakina."

Bari in koma baya kaɗan.

Ngubdo mutumin Damboa ne, ya haura hamsin. A can yana da rumfar abinci kusa da tasha: matarsa Yagana tana girki a baya, shi yana gaba yana zuba wa direbobi, 'yarsu Halima Sadiya tana makaranta. Ranar da aka shiga garin da harbi, yana kasuwa, su suna gida. Ya koma bai same su ba. Wasu suka ce sun ga sun bi ayarin Maiduguri, wasu suka ce hanyar Biu. Ya bi ta Biu, kwana huɗu a ƙafa, yawanci da ruwan kududdufi a ciki, kuma tun daga nan olsa ta kama shi. Abincinsa kunu ne, da burodi, da farar shinkafa ko mai ba ya sa mata.

Da ya iso Gombe ya kama ɗakin da ke jikin nawa, wanda a da ake ajiye gawayi. A lokacin ba wanda ke son ɗan Borno a gidansa. Bam ya tashi a tasha, ana caje mutum kafin ya shiga masallaci, kowa ya ji baƙin harshe sai ya ja yaransa ciki. Mutanen gidanmu suna amsa masa sallama, iyakarta ke nan. Ni kuwa ranar farko na leƙa na ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini bawa har gida, ban sayo ba." Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ina aka taɓa ganin Fulata da ɗaki mai ƙofa?" Daga baya ya gaya mini wannan ce magana ta farko da aka yi masa a Gombe wadda ba tambaya ba ce.

Ni nake yi wa Madam Lois jigilar cefane kullum da safe, ni na kai shi wurinta na tsaya masa. Mutumiyar Kaltungo ce, ba ta da yawan magana, ta dube shi ta ce ya tsufa da aikin sabis. Ya ce shekara ashirin yana ɗaukar kwano shida a hannu biyu. Ta ba shi farar riga ɗaya. Kullum da yamma sai ya wanke ta ya shanya a igiyar da ke gaban ɗakinsa, ya zauna a tabarma yana kallonta tana ɗiga.

Abin da ya sa ya maƙale wa aikin gaba, ba na baya ba, na san shi. Duk direban da ya fito daga gabas, duk matar da ta shigo da lafaya, sai ya kai musu abinci da kansa, ya gaishe su da yarensu, in sun gama ya tambaya. Ya ba mutum ya fi ɗari saƙo iri ɗaya: in kun ga Yagana ta tashar Damboa, ku ce Ngubdo yana Gombe, gidan abincin Madam Lois, da ta shigo za ta gan shi. Ranar Lahadi ba a buɗewa, Madam tana coci. Duk da haka sai ya sa rigar ya je ya zauna a benci tare da maigadi har la'asar.

To washegarin farfesu, Madam ta kira shi. Ina sauke kwandon tumatir, na ji da kunnena.

"Baba, ba ka ɗanɗana abincin da kake sayarwa?"

"Cikina ba ya ɗauka, Madam."

"To da me kake amsa wa mutane?"

"Da yadda maiɗakina take dafawa. Farfesunta ba ya ƙona baki."

Madam ta ce ita ba ta korar mutum don ciwo, amma wanda ba ya iya gaya wa baƙo abin da ke cikin kwano ba zai tsaya a gaba ba. Akwai wurin wanke-wanke a baya, albashi ɗaya. Ta ba shi mako biyu. Asabar ta biyu za ta zauna da kanta ta kalli yadda yake aiki, daga nan ta yanke.

Bayan gidan nan na san shi. Katanga ce da famfo da kwata. Ko rundunar 'yan Damboa ta shigo ta gaba, wanda ke can ba zai sani ba.

A makon ne manajan wurin, Ernest, ya kawo takardar koyar da masu kai abinci, shafi biyu da Turanci, an buga ta tsaf. Ernest ba mugu ba ne, ya yi karatun aikin otal a Bauchi, yana so a san ya yi. Ya tara su ya fassara musu da Hausa. Ka yi murmushi. Ka fara da tallar girkin ranar, wanda shi yake kira sifeshal. Ka ce yana da daɗi ƙwarai. In an tambayi yaji, matakai uku ne, kaɗan, matsakaici, da yawa, kuma yana rubuce a allo. Ka amsa nan take da ƙarfin gwiwa, kada baƙo ya taɓa jin ka ce ba ka sani ba.

Ngubdo ya kawo takardar gida ya ajiye a ƙarƙashin filo, tun da ba ya karanta boko. Ya sayi littafin rubutu na 'yan firamare ya fara tasa da ajami, daga dama zuwa hagu.

Ya roƙi Margaret mai girki ta bar shi ya riƙa tsayawa a kicin da safe, kafin a buɗe. Ta ce in dai ba zai tare mata hanya ba. Yana tsaye a lungu, yana ƙirga attarugun da ke shiga kowace tukunya, yana duba girman tukunyar. Yana rubuta abin da ta zuba: daddawa, gyaɗa, busasshen kifi, man shanu, citta, masoro. In na kawo cefane sai ya tare ni.

"Attarugun yau na wa ka sayo?"

"Ina ruwanka? Attarugu attarugu ne."

"Ƙananan nan masu tamoji sun ninka manyan jiya. Fasa ɗaya ka shinshina."

Na fasa, na yi atishawa uku, Margaret ta kore mu duka.

Da rana kuma yana kallon masu ci. Ba fuskarsu ba, don namiji a Gombe ko yana mutuwa ba zai yarda yaji ya fi ƙarfinsa ba. Ledojin ruwan da suka bari a tebur yake dubawa. Daga nan ya fitar da ma'auninsa: miyar leda ɗaya, ta leda biyu, ta leda uku. Ya so ya mai da ni harshensa, ya riƙa kawo mini ɗan romo a roba. Kwana uku ya sallame ni. Wai duk abin da ya ba ni sai in ce, "Ba laifi, ƙaro." Ya ce harshena tayar Keke ce.

Bayan la'asar, idan mutanen gida sun watse, sai ya jera kujeru biyu na tsuguno da turmin matar maigida a tsakar gida, ya saɓa tawul a hannu, ya yi musu bayani. Wani lokaci nakan zauna a kan turmin in zama baƙo. Yawancin ranaku ina wurin aiki, sai dai in dawo in tarar da shi yana tambayar kujera ko tana cin gyaɗa. Yaran gidan suna leƙe ta labule, iyayensu suna kiran su.

Wata rana na sa shi ya karanta mini littafin. Ga abin da na riƙe, yadda ya faɗa:

"Girkin rana, abu biyar za ka faɗa, kada ka wuce: sunansa, abin da ke ciki, yadda aka dafa, abin da ake ci da shi, da farashinsa. Kada ka ce yana da daɗi, kowa haka yake cewa. Ka ce kifin na Dadin Kowa ne, da safen nan aka kawo, in da safen aka kawo. In ya kusa ƙarewa ka faɗa tun kafin mutum ya sa rai.

"In an ce akwai yaji, kada ka ce babu. Ka tambaya tukuna: yajin tsire kina iya ci? In ta ce a'a, leda ɗaya ma ta yi mata yawa. Jan miya ba shi ne yaji ba, tattasai launi yake bayarwa. Farfesu ko an rage attarugu, citta da masoro suna nan, ka faɗa. Abin da aka dafa a babbar tukunya ba a cire masa yaji, kada ka yi alkawari. Abin da ake soyawa nan take, kamar ƙwai da taliya, ana iya ragewa. Wanda ba ka tabbatar da bakinsa ba, ka ba shi marar yaji, ka kawo dakakken yaji a gefe.

"In mutum ya tambayi abin da ke cikin miya, ba surutu yake so ba, akwai dalili. Miyar taushe da gyaɗa ake yin ta. Yajin gasasshiyar kaza akwai ƙuli-ƙuli. Miyar agushi Margaret tana sa busasshen kifi ko an ce ta nama ce. Mai hawan jini yana tambayar gishiri da dunƙule, mai suga yana tambayar tuwon mene ne. In Musulmi ya ce wa ya yanka, kada ka ji haushi, kada ka rantse. Ka ce Malam Inuwa mahauci ne yake kawo mana, daga mayanka, kullum da safe. Suna yake so ya ji.

"Wanda baki ya ƙone, ruwa ba ya kashewa. Ka kawo nono ko lomar tuwo."

Na ce, "Wannan na ƙarshen kam da jikinka ka saye shi."

Bai kula ni ba, ya juya shafi. "Tukunyar da ba ka ga ɗorawarta ba, ba ka san ta ba. Ka ce, bari in tambayo."

Na ce masa wannan ya saɓa wa takardar Ernest kai tsaye. Ya ce ya sani. Ya rufe littafin, ya ɗauko wayarsa, ya kira lambar Yagana da yake kira kowace Juma'a. Matar kamfani ta ce a kashe take. Ya saurara har ta maimaita da Turanci, sannan ya ajiye.

Asabar ta biyu ta zo. Ban taɓa zama a cikin gidan abincin nan ba, iyakata ƙofar kicin, amma ranar na sa wankakkiyar riga, na bari maigadi ya shafa mini ƙarfensa mai ƙara, na shiga na zauna a tebur na huɗu. Na gaya wa kaina kallo na zo, in ya sake durƙusawa kada a ba ni labari. Madam tana zaune a kusurwa da kofin shayi. A allo an rubuta tuwon shinkafa da miyar taushe, yaji kaɗan.

Har ƙarfe ɗaya kome lafiya. Na ji shi yana gaya wa wasu malaman makaranta kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, da ƙashin rago, leda ɗaya. Ɗayansu ya ce mene ne leda ɗaya, ya yi masa bayani, suka yi dariya, suka ce a kawo. Wajen ɗaya da rabi wuri ya cika, ya yi ta kai da kawowa bai leƙa kicin ba sai ta tagar da ake miƙo kwano.

Sai wani ma'aikaci ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa, dattijo, da ledar magunguna a ɗaya hannun. Daga asibiti suke. Ɗan ya ce tsohon yana sha'awar taushe, amma likita ya hana shi yaji saboda ciwon ciki. Yaya miyar take?

Ngubdo ya buɗe baki, sai ya dubi kwanon da wata mai kai abinci ta wuce da shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in tambayo."

Ernest yana kusa. Ya matso da murmushinsa ya ce, "Kaɗan ne, yallaɓai, ga shi a allo. Baba, kawo musu biyu." Ya faɗa da ƙarfi yadda Madam za ta ji.

Na ga Ngubdo ya tsaya. In ya kawo, ya bi manaja, kuma allo ne ya faɗa, ba shi ba. In ya ƙi, ya ƙaryata manaja a gaban mai wuri, a ranar da ake duba shi. Ya ce a hankali, "Oga, allon na tukunyar safe ne. Wannan miyar ta fi ta safe duhu." Ya wuce kicin. Ernest ya bi bayansa da kallo, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi.

Bai yi minti biyu ba ya dawo, ya ɗan rusuna wa dattijon. Ya ce tukunyar farko ta ƙare, an ɗora ta biyu, tattasai ya yanke, mai girki ta cike da attarugu. Wannan leda uku ce, ko mai lafiya sai ya shirya. Akwai miyar kuka da aka yi ba yaji don irin wannan, akwai daddawa da man shanu a ciki, in likita bai hana maiƙo ba, in ya hana a zuba ba man, don a kwano ake sa shi. Dattijon ya ce shi fa taushe ya zo ci. Ngubdo ya ce, "Baba, ciwon nan naka ni ma shi gare ni. Ranar Talata za a sake yin ta, ka zo kafin azahar, ni zan tsaya a kan tukunyar." Tsohon ya yi ƙunƙuni, ya ce a kawo kukar.

Madam ta tashi ta shiga kicin. Mun ji muryarta da ta Margaret, ba mu ji abin da suke faɗa ba. Ta fito, ta je gaban allo, ta goge "kaɗan" da hankicinta, ta rubuta "da yawa". Ta ce wa Ernest ranar Litinin ya zauna da Baba, Baba ya karanta littafin nan nasa, shi ya buga da boko a ba kowa, a haɗa da tasa takardar, a cire layin nan ɗaya da ya hana cewa ba a sani ba. Ernest ya ce to, Ma. Ngubdo yana tsaye da faranti a ƙirji yana jira a yi maganar famfo da kwata. Ta koma ta ɗauki shayinta.

"Baba, tebur na huɗu ya daɗe yana jira. Kuma gobe Lahadi, ka huta a gida mana."

Ya ce to. Ni da shi mun san ba zai huta ba.

Ya iso wurina, ya goge teburin da babu abin gogewa a kansa. Ƙofa ta buɗe, ya waiga, wasu samari ne biyu, ya juyo. Ban san abin da ake faɗa wa mutum a irin wannan lokaci ba, don haka na harɗe ƙafa na ɗaga murya yadda teburin kusa za su ji.

"Kai sabis, zo nan. Ni babban baƙo ne. Karanto mini duk abin da ke cikin miyar nan, kada ka tsallake ko gishiri, in akwai abin da zai cuce ni ka faɗa tun yanzu."

Ya gyara tawul a hannunsa, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Abu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Akwai nama a ciki. Na san ku kiwonsa kuke yi, cikinku bai saba da shi ba."